Yalon da Ba Yalo Ba

Bahaushe ya daɗe da sanin sakaya zance, domin kunya kan sa ya kira abu da sunan waninsa. Sai dai sakayar da ake yi da imoji a waya ta samo asali ne daga wata al'ada daban, shi ya sa mai kamun kai kan faɗa cikinta bai sani ba.

Alamar 🍆 ta shiga tsarin Unicode a 2010 a matsayin kayan lambu, ɗan'uwan yalo da gauta. Siffarta doguwa ce, don haka masu hirar batsa suka mayar da ita lakabin al'aurar namiji, har Instagram ya toshe neman ta a 2015. Ita kuwa 🍑, ɗan itacen ƙasashen sanyi mai tsaga a tsakiya, ta zama lakabin mazaunai. A 2016 kamfanin Apple ya gwada sake zana ta don ta fi kama da ɗan itace, jama'a suka yi ca, ya mayar da tsohon zanen. Haka 🍌 da 🥒 ke bin sawun ta farko, 🍒 kuma kan nuna ƙirjin mace.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan miya da ta rubuta a shafinta: "Sabo ya iso, mai so ya biyo ni ta akwatin sirri 🍆💦." Yalo take nufi, wanda aka wanke da ruwa. Amma abubuwa uku sun haɗu a kanta: ba ta ambaci sunan kayan ba, ta gwama alamar da ɗigon ruwa, wanda shi ma lakabin sha'awa ne, sannan ta gayyaci mutane zuwa keɓe. Tun 2019 dokokin Facebook da Instagram ke ɗaukar irin wannan haɗi, wato imoji mai nuni da batsa tare da tayi, a matsayin neman lalata, kuma ana iya goge saƙon. Kafin nan ma za ta ga alama: dariya a inda babu abin dariya, da saƙonnin baƙin maza waɗanda ba sa tambayar farashi. Matar aure ce ko malama, mutuncinta ya riga ya taɓu.

Gyaran ba shi da wuya. Ta rubuta "yalo" ƙarara, ta faɗi farashin kwando, ta ɗora hoton kayan na gaskiya, ta cire ɗigon ruwan. Idan tana son ado, 🥭 da 🍅 ba su yi suna da wannan nauyi ba. Imojin da ta yi shakka a kansa kuma, ta duba shi a shafin Emojipedia, ko ta nuna wa ƙanwarta kafin ta wallafa, domin matasa ne suka fi sanin inda ma'ana ta koma.

Alamar ita kaɗai ba ta cika jawo zargi ba idan zancen girki ne a fili. Abin da ke kusa da ita, da kuma sunan da aka ƙi ambata, su ne ke juya ta.