Ƙurajen rigar sanyi

Da hunturu ya shigo Garwa, rigar sanyi ce ke ciyar da mu 'yan gwanjo, kuma ƙorafin masu saye bai wuce ɗaya ba: riga ta yi ƙuraje.

Ba datti ba ne, 'yan'uwa. Zaren saƙa ba a murza shi da tauri, don ya yi laushi, sai gajerun gashinsa su leƙo waje. Gogayya ta cuɗe su, su dunƙule. Shi ya sa suke fara fitowa a hammata da inda igiyar jaka ke bi.

Auduga zalla, irin wadda Sodecoton ke saye wurin manomanmu, ita ma tana yi, amma gashinta na tsinkewa, ƙurjin ya faɗi. Zaren roba kuwa ƙarfi gare shi, yana riƙe ƙurjin gam. Ni gaurayen auduga da roba na fi tsoro.

In na kwance dila, nakan ɗaga riga a rana. Wadda gashi ya yi wa hazo, saƙarta sakwa-sakwa, nakan rage mata kuɗi, komai laushinta.

Uwargida kuma ta juya bai ɗin riga kafin wanki, ta matsa a hankali, ban da cuɗa da buroshi. Waɗanda suka riga suka fito, a shimfiɗa rigar a aske su da reza. Tsigewa da hannu sabon gashi take jawowa.