Bayanin da na kai wa mai mashin bayan haɗarin da muka yi a hanyar Bunguɗu

1/
Duk ɗan kabu-kabun da ke tuƙa mashin ɗin wani ya san cewa ranar haɗari ciwo biyu ake ji: na jiki, da na tunanin abin da za ka faɗa wa mai shi. Na biyun ya fi hana barci. Wannan zaren na 'yan'uwana ne masu kai balas. Ku biyo ni, akwai lissafi a ciki.

2/
Ni ɗan Karakkai ne, ƙaramar hukumar Bunguɗu. Boksa nake tuƙawa, na wani dattijo ne a Gusau, abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Yarjejeniyarmu balas ce: dubu 3 kullum, mai da bakin mai da faci nawa ne, takardu nasa. Babban gyara kuwa ba mu taɓa zama mun ce ga mai yi ba. Yawancin masu balas haka suke, sai ranar ta zo.

3/
Ranar wata Talata da la'asar na ɗauko wani bawan Allah daga Gusau zan kai shi gida. Muna dab da shiga Bunguɗu, wata Golf ta haya da ta tsaya gefen titi tana sauke fasinja ta kwaso kai ta hau kwalta, ba sigina ba waiwaye. Na taka birkin baya, na matse na gaba, amma tazarar ta yi kaɗan. Tayar gabana ta daki ƙofar direba, muka zube ta dama.

4/
Kafin na kira Baba sai da na yi abu uku. Na duba fasinjana. Na roƙi wani yaro mai shago ya ɗauki hoton mashin da motar yadda suke kwance kafin a matsar da su, har da layin da tayata ta zana a kwalta. Sannan na karɓi lambar mutum biyu da abin ya faru a gabansu. Da zarar an ture mota gefe, kowa da labarin da zai bayar.

5/
Baba na ɗauka na ce, "Baba, mun samu haɗari bakin Bunguɗu, ba a rasa rai ba, fasinja ya ji rauni a ƙafa, muna hanyar asibiti. Mashin na hannun 'yan ƙungiya."

Ya ce, "Kai fa, lafiyarka lau?"

Ban ce masa "ɗan abu ne kaɗan" ba, don a lokacin ban san girman ɓarnar ba. Kalmar nan ta "kaɗan" ita ke dawowa ta shaƙe mutum idan bakanike ya kawo takarda.

6/
Raunuka. Fasinja ya tsage a ƙwauri, an yi masa ɗinki biyar. Ga kuma ƙuna a ɗan maraƙinsa, don salansar Boksa a dama take, kuma ta daman muka faɗi, ƙafarsa ta kwanta a kanta. Jama'a sun taso da shawara, wannan ya ce man goge baki, wancan ya ce bakin mai. Ma'aikaciyar asibitin ta ce ruwa mai sanyi mai tsafta kawai ake kwarara wa ƙuna na tsawon mintuna, sauran duk datti suke ƙarawa. An yi masa allurar tetanos. Kati, ɗinki, allura da magani: dubu 14.

7/
Ni kuma wuyan hannun dama ya kumbura, gwiwa ta kuje. 'Yan gida sun so a wuce wajen mai ɗori kai tsaye, na ce a fara ɗaukar hoto. Hoton ya nuna targaɗe ne, ƙashi bai tsage ba. Dubu 7 hoto, dubu 5 magani da bandeji. Hannun dama shi ke murɗa totur, shi ke matse birkin gaba, don haka ko da mashin na lafiya, ni ba na tuƙuwa.

8/
Washegari muka kai mashin wajen bakanike a Gusau, kuma na nace sai Baba ya turo ɗansa ya tsaya a kai. Ba wai bai yarda da ni ba. Ya taɓa ba wani yaro mashin a Tsafe, aka yi haɗari, aka kawo masa lissafi ninki biyu na abin da aka kashe. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ko gaskiya ka kawo masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

9/
Abin da ido ke fara gani shi ne fitila da ta tarwatse, madubi, madigadin gaba da ya tsage. Waɗannan masu sauƙi ne. Idan mashin ya daki abu da gabansa, tambaya ɗaya ce mai nauyi: dukan ya tsaya a shokoba, ko ya wuce har shasi? Shokoba ana canzawa. Shasi idan ya karkace a wuya, mashin ɗin ya rage daraja har abada, ko an miƙe shi.

10/
Ga yadda bakaniken ya gane, a gabanmu. Ya ɗora mashin a kan babbar jak, ya haska wuyan shasi inda aka yi walda. Ƙarfe in ya lanƙwashe, fentin wurin yakan tsage ko ya ɓamɓare. Namu sumul yake. Sai ya ja zare daga gefen tayar baya zuwa gaba, hagu da dama, don ya ga ko tayoyin biyu na kan layi ɗaya. Ya ce wannan awon sai an sake shi bayan an sa sabuwar shokoba, don karkatacciyar shokoba ma tana ɓata layi. Da aka sake, layi ya fito daidai. A nan ɗan Baba ya saki ajiyar zuciya, ni ma haka.

11/
Shokobar kam ta tafi. Ya zare bututun biyu, ya mirgina su a kan faffaɗan ƙarfe. Madaidaici zai gangara shiru, namu suna tafiya suna ɗaga kai. Na dama har mai ya fara tsattsafowa ta bakin roba. Ya juya tayar gaba da hannu, rim yana rawa hagu da dama, sifok huɗu sun tsinke. Da ya juya kan mashin a hankali kuma, a tsakiya sai ka ji ya ɗan maƙale, alamar boris ɗin wuya ya ci duka.

12/
A nan muka yi jayayya. Ɗan Baba ya ce a miƙe shokobar, dubu 6 ne, maimakon sabuwa dubu 38. Na gane shi, bambancin dubu 32 ba wasa ba ne. Amma bututun da aka miƙe ba ya komawa daidai ɗari bisa ɗari, yana cin roba, mai ya zube, mashin ya riƙa janka gefe guda. A kwaltar cikin Gusau wataƙila ka lallaɓa. Hanyarmu ta ƙauye, da damina, da mutum da buhun taki a baya? Na ce ni ne a kai, ba zan hau miƙaƙƙiya ba. Aka kira Baba, ya ce a sa sabuwa.

13/
Lissafin gyara kamar yadda na rubuta masa a takarda, kowanne da rasit:
shokoba biyu 38,000
rim da sifok 17,000, ɗauri 3,000
kan mashin 6,500
fitila da murfinta 11,000
libar birki da madubi 4,500
madigadi 5,000
boris ɗin wuya 3,500
kuɗin aiki 8,000
Jimla 96,500.

14/
Akwai lotsawa a tanki ta hagu, ban sa ta a ciki ba. Mun faɗi ta dama, kuma lotsawar na nan tun ranar da aka ba ni mashin, ina da hotonta a waya. Wani ya ba ni shawara in cusa ta cikin abin da direban zai biya. Ai direba ba makaho ba ne, ya ga ta inda muka faɗi. Abu ɗaya na ƙarya ya isa ya sa a yi shakkar sauran tara na gaskiya.

15/
Takardar da na kai wa Baba gida uku na raba ta. Jinya 26,000. Gyara 96,500. Balas ɗin kwana 9 da mashin bai fita ba 27,000. Duka 149,500. Na ukun ne 'yan'uwa ke yawan tsallakewa, alhali shi mai mashin yana ƙirgawa a ransa ko bai furta ba. Gara ka rubuta da hannunka, in ya yafe ka ji da kunnenka.

16/
Batun direba. Shugabannin ƙungiyarmu da na tashar motarsu suka zauna, aka nuna hotuna, shaidu biyu suka yi magana ta waya. Bai yi gardama ba. Na tambayi inshorarsa, domin tun Janairun 2023 da aka ƙara kuɗin inshorar dole ta ababen hawa, an kuma ɗaga abin da take biya idan ka lalata dukiyar wani zuwa miliyoyin naira. Ita aka yi don irin wannan ranar. Ta mashin ɗinmu ba za ta gyara namu ba, ɓarnar da muka yi wa wani kaɗai take ɗauka. Takardarsa ta daina aiki watanni da suka wuce. Shi ke nan, aka koma aljihu.

17/
Shi ma balas yake kaiwa, ƙofar motar da ta lotse tana jiransa. Aka tsaya a dubu 60: ya ba da 40 nan take, 20 ƙarshen wata, aka rubuta, shugabannin biyu suka sa hannu. Wasu sun ce da na kai shi caji ofis da na fi samu. A ganina da an riƙe mashin da mota can, kowace rana dubu 3 na ƙaruwa a kaina, shi kuma an tsayar da abin da zai samo kuɗin da shi.

18/
Baba ya karanta takardar sau biyu, ya kira bakaniken da kansa ya tambayi kuɗin rim. Sannan ya ce, "Yaro, a fara fidda kuɗin jinya daga na direba, jini ya riga ƙarfe." Dubu 60 a cire 26, saura 34, suka shiga gyara. Gyara ya rage 62,500. Ya ce balas ɗin kwana 9 ya yafe, ya ɗauki dubu 40, ni in ɗauki 22,500, in riƙa ƙara ɗari 5 a kan balas. Kwana 45 ke nan.

19/
Wani abokina ya ce an cuce ni, tunda ba ni da laifi don me zan biya ko sisi. Ni ma na so a ce ban biya ba. Amma Baba ma ba shi da laifi, yana zaune a gidansa aka kawo masa asarar dubu 67 idan ka haɗa da balas. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ɗari 5 a rana ba ƙaramin abu ba ce a wannan sana'a, sai dai ta fi a ce kawo makulli.

20/
Abin da na roƙa a zaman shi ne a rubuta ƙa'ida ta gaba, ya kuma yarda. Gyaran da bai kai dubu 10 ba nawa ne. Wanda ya wuce haka, in laifin wani ne, kashi biyu cikin uku nasa, ɗaya nawa, kuma balas ya tsaya har mashin ya fito. Limamin unguwarsu ne shaida.

21/
Fasinjana an cire masa zare, ƙunar ce ke ɗaukar lokaci, na kai masa lemo ranar Juma'a. Yau kwana 12 ina kai 3,500. Dubu 20 ɗin direba saura mako guda wa'adinta ya cika, kuma Baba ne ya cike gurbinta wajen mai kayan gyara kafin ta zo, don haka ranar Litinin zan biya ta tashar in tuna wa shugabansu.