Kwana Goma Sha Huɗu Kafin Kemistiri

Duk shekara idan jarrabawar Wayek ta matso, yaran da nake yi wa darasin yamma a Kumasi sukan kawo mini jadawalin bita iri ɗaya: kwana biyar na fizikal, biyar na oganik, huɗu na inoganik. Lissafi ya cika cif, a takarda ma gwanin kyau. Ni kuwa ba na yarda da shi. Fizikal ɗin da aka rufe a rana ta biyar zai yi kwana tara ba a waiwaye shi ba, alhali sassan nan uku ba iri ɗaya suke zubewa daga ka ba. Wasu cikin yaran nan kemistiri ne kaɗai ya tsaya tsakaninsu da makarantar aikin jinya, don haka ba na wasa da wannan mako biyun.

Jadawalina yini yake rabawa, ba mako ba. Ranar farko ba a buɗe littafi. A ɗauko tsohuwar takardar jarrabawa, a sa agogo, a amsa. Inda aka faɗi, nan bita za ta dosa.

Daga rana ta biyu, bayan sallar asuba awa ɗaya da rabi na fizikal ne, domin shi lissafi ne, hannu ke riƙe shi ba ido ba. Na san yara da yawa da ke karanta misalin da aka riga aka warware suna gyaɗa kai, a ba su alƙalami su tsaya cak. Ga irin tambayar da nake gwada su da ita: 20.0 cm³ na H₂SO₄ ya kashe kaifin 25.0 cm³ na NaOH mai ƙarfin 0.100 mol/dm³, mene ne ƙarfin asid ɗin? Mol na NaOH shi ne 0.100 × 25.0/1000, wato 0.0025. A nan tarkon yake. Mol ɗaya na H₂SO₄ yana cin mol biyu na NaOH, saboda haka na asid 0.00125 ne. A raba da 0.0200 dm³, a sami 0.0625 mol/dm³. Duk wanda ya kawo mini 0.125, ba sai na duba aikinsa ba, na san bai daidaita ikweshan ba kafin ya fara. Wanda kuma amsarsa ta kauce da ninki dubu, cm³ ne bai mayar dm³ ba. Shi ya sa mol ke cinye safiya uku na farko. Lissafin iskar gas da na elektirolisis duk a kansa suke tsaye, in ya karkace sun karkace.

Oganik na la'asar ne, awa ɗaya, da farar takarda. Ba na so a haddace shi babi-babi. A zana hanya: C₂H₄ ya karɓi ruwa ya zama C₂H₅OH, shi kuma a dafa shi da K₂Cr₂O₇ mai asid ya zama CH₃COOH, launin ya tashi daga ruwan lemo zuwa kore. Waɗannan biyun na ƙarshe in sun haɗu da ɗan H₂SO₄ mai kauri su ba da esta mai ƙamshin 'ya'yan itace. Kullum a sake zanen da ka, a ƙara reshe ɗaya. Kibiyar da aka kasa rubuta abin da ke kanta, ita ce karatun gobe.

Inoganik kuwa hadda ce, kuma hadda ba ta son zama mai tsawo, duk wanda ya yi makarantar allo ya sani. Minti talatin bayan isha'i sun isa, amma kowane dare. A yanka kwali, tambaya a gaba, amsa a baya. Zn²⁺, Al³⁺ da Pb²⁺ duk suna ba da farin guntsari da NaOH, ya narke in an ƙara. Da amoniya kuwa na Zn²⁺ kaɗai ke narkewa. Wanda ya bar irin wannan sai kwana huɗun ƙarshe, a ɗakin jarrabawa ukun za su zame masa abu ɗaya.

Rana ta bakwai da ta sha biyu a sake cikakkiyar takarda da agogo, washegarin kowacce gyara kawai. Ranar Juma'a nakan rage na la'asar, don na san tsakanin masallaci da hidimar gida ba za a yi shi ba. Rana ta sha huɗu ba sabon babi: kwalaye, zanen oganik sau ɗaya, lissafi biyu masu sauƙi, a duba kalkuleta na aiki, a kwanta da wuri.