Layin da Na Binne a Tsakiyar Takarda

Shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal sun bar mini wata ɗabi'a: in na ɗauki alƙalami sai na cika shafi daga sama har ƙasa. A ganina na lokacin, barin fili a takarda asara ce, gajeren layi kuwa aikin wanda bai yi zurfin karatu ba ne. Da wannan tunani na karɓi rubuta sanarwa ga ƴan sa-kai masu bin gida-gida da maganin riga-kafin masassarar cizon sauro, wanda aka fara rabawa a ƙasar Magaria a 2013, ake kuma ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina.

Maganin na kwana uku ne. Ranar farko ana ba yaro a gaban ɗan sa-kai, rana ta biyu da ta uku uwa ce ke ba shi a gida. Wannan shi ne zuciyar sanarwar, amma ni sai na buɗe da gaisuwa da godiya ga shugabanni, na bi da bayanin illar sauro, sannan na cusa zancen kwana ukun a tsakiyar wani dogon sakin layi. Aka buga, aka kuma tura ta WhatsApp har ƙauyukan Dungas.

Wata dattijuwa cikin ƴan sa-kan ce ta zo mini da takardar. Ta ce, "Malam, nuna mini inda ka ce uwa ta ci gaba da bayarwa gobe da jibi." Na karɓa da gadara, na fara bi da yatsa. Na wuce wurin, na dawo, na sake wucewa. Ni da na rubuta, ina zaune a inuwa, na kasa ganin layin nan take. Jikina ya yi sanyi, don na tuna ita a tsaye take karantawa, cikin rana, ga jariri yana kuka, ga gidaje da yawa suna jiranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai gaya mini cewa wani sabon ɗan sa-kai a unguwarsu ya miƙa wa uwaye sauran ƙwayoyin ba tare da bayani ba, har sai da ta sake zagayawa gidajen.

A ranar na gane cewa mai aiki ba karanta takarda yake yi ba, nema yake yi a cikinta. Idonsa yana sauka a kan kanu da farkon layi da abin da aka kaurara, sauran sai in ya samu sarari.

Na sake rubutawa. Gaisuwa ta koma layi ɗaya. Kowane ƙaramin kanu ya zama tambayar da ake yi a ƙofar gida: wa ake ba, kwana nawa, wa ba a ba, in ya yi amai fa? Ƙarƙashin kowanne magana ɗaya ce, ba ta wuce layi uku a fuskar salula ba, sai fili kafin ta gaba. Filin nan yana da amfani biyu: ido yana samun wurin sauka, kuma mai karanta wa uwaye da baki yana sanin inda zai numfasa.

Sai dai a kaurara kalmomi na sake tuntuɓe, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na rubuta cewa kada a ba yaro mai zazzaɓi maganin, a tura shi likita a gwada jininsa. Amma abin da na kaurara shi ne "yaro mai zazzaɓi" da "maganin", na bar "kada" siririya a gefe. Mai sauri zai iya tafiya da kishiyar abin da nake nufi. Allah Ya sa an gani kafin a tura. Ga yadda ya koma:

```
*Wa ba a ba?*
*Kada a ba yaro mai zazzaɓi.*
A tura shi likita a gwada.
```

A WhatsApp tauraron dole ya manne da harafi. In aka bar sarari tsakaninsa da rubutun, rubutun ba ya kauri. A saƙon SMS kuwa kauri ba ya fita sam, don haka kalmar hani ita ce ke zama farkon layi.

Ke nan, ɗan'uwa, in an ba ka sanarwa irin wannan, kafin ka tura ka rufe komai ka karanta kanun da kalmomin da ka kaurara su kaɗai. In ba su faɗi gaskiyar maganar da kansu ba, kada takardar ta fita daga hannunka.