Girman Rubutu da Faɗin Allo: Gyaran Kwamfuta ga Idon da Ya Raunana

A hankali ido yake raunana, shi ya sa mai shi yakan daɗe bai ankara ba. Ma'aikacin da ya haura shekara arba'in da biyar sai ya ga ya fara miƙa wuya zuwa fuskar kwamfuta, 3 na rikiɗe masa ta koma 8, kibiyar linzami na ɓace masa a kan farin shafi. Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kimanin mutum huɗu cikin ɗari na masu shekara arba'in zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba a musabbabai. Waɗanda suke gani amma da ƙyar sun fi haka yawa, kuma da dama daga cikinsu suna kan kujerun aiki.

A ɗauki misalin malamin makaranta mai shekara hamsin da biyar a Dangamaji, cikin ƙaramar hukumar Jega, wanda aka ɗora wa shigar da makin ɗalibai a Excel. Kwamfutarsa 'yar gwanjo ce mai allo inci 14, mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye. Idan ya karanta 38 a matsayin 88, ya sauya sakamakon yaro. Haka abin yake ga akawun dillalan albasa a Aliero ko magatakarda a sakatariyar Maiyama. Windows na ɗauke da kayan gyara huɗu kyauta, a ƙarƙashin Accessibility a Windows 11, ko Ease of Access a Windows 10, kuma danna `Windows + U` yana kai mutum can kai tsaye. Sai dai kowannensu da irin larurar da yake magani, da kuma abin da yake ci.

Matakin farko shi ne girman rubutu. Text size yana ɗaga haruffa daga 100% har 225% ba tare da ya taɓa girman sauran abubuwa ba. Scale, wanda yake ƙarƙashin Display, shi kuwa yana kumbura komai da komai, kuma a nan ƙaramin allo yake nuna iyakarsa. Idan malamin ya kai Scale 125%, filin aikinsa ya koma kamar 1093 da 614. Idan ya tilasta shi zuwa 150%, sauran 911 da 512 kawai, har wasu akwatunan su zarce ƙasan allo, ya nemi maɓallin OK ya rasa. Abin da ya fi masa shi ne ya tsaya a 125%, ya ƙara Text size kaɗan, sannan a cikin Excel ya riƙe `Ctrl` ya murza ƙafar linzami har lambobin su fito sosai, domin Text size ba ya taɓa abin da ke cikin gidajen jadawali.

Akwai hanyar gane girman da ya isa. Malamin ya karanta sakin layi a bayyane na minti ɗaya, ya ƙirga kalmomin da ya ci, ya ƙara girma ya sake. Saurinsa zai yi ta ƙaruwa har ya kai inda ya tsaya cik, kuma nan ne ma'auninsa. Galibi yakan kai ninki biyu ko fiye na mafi ƙanƙantar rubutun da yake iya tantancewa. Duk ƙarin da ya wuce nan hasarar fili ce kawai.

Idan rubutu ya yi girma amma har yanzu yana ganinsa kamar cikin hazon hunturu, farin shafi kuma yana kashe masa ido, to matsalar ta bambancin launi ce, kuma haka mai yanar ido ya fi kokawa. Yanar tana warwatsa hasken da ya shiga ido, saboda haka shafi mai yawan fari yana lulluɓe siraran haruffa. Contrast themes suna juya lamarin, su sa rubutu mai haske a kan baƙin fili. Ana kunna su ko a kashe da `Alt` na hagu da `Shift` na hagu da `Print Screen` a tare. Amma akwai tarko: wannan tsari yana iya ɓoye launukan da aka shafa a gidajen Excel. Idan da ja malamin yake alamta waɗanda suka faɗi, zai iya duba jadawalin ya ga kamar kowa ya ci. Maganinsa shi ne ya ware layi guda ya rubuta alamar da harafi. Haka kuma tsarin ba ya sauya takardar da aka ɗauka a hoto, irin sanarwar da ake turowa ta WhatsApp, domin a wurin kwamfuta wannan hoto ne.

Kibiya ita ce gyara mafi arha. A Mouse pointer and touch ana iya ɗaga girmanta daga 1 har 15, a kuma sauya mata launi. Girman 3 ko 4 da launin rawaya ko kore mai haske yakan wadatar, don idan ta cika girma sai ta rufe lambar da ake son dannawa. A cikin Pointer Options kuma akwai zaɓin da yake zana da'ira a kewayen kibiya duk lokacin da aka taɓa `Ctrl`.

Madubin ƙara girma, wato Magnifier, shi ya kamata ya zo ƙarshe. Ana buɗe shi da `Windows + Plus`, a rufe da `Windows + Esc`. Lissafinsa ne abin lura: a 200% rubu'in allo kaɗai ake gani, a 400% kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida. Malamin da ya ja jadawalinsa zuwa 400% zai ga maki ƙato, amma sunan ɗalibin ya fita daga allo, sai ya zuba makin wani a layin wani. Zai rage wannan haɗari idan ya mayar da Zoom increment daga 100% zuwa 25%, ya kuma zaɓi `Ctrl + Alt + L`, wanda yake ƙara girman abin da ke kewaye da kibiya kaɗai, ya bar sauran shafin yadda yake. Idan madubin na kunne, `Ctrl + Alt + I` yana juya launin komai, har da waccan takarda ta hoto.

Akwai wanda ƙarin girma yake cutarwa. Hawan jinin ido, wato gilakoma, yakan fara cin gefen gani ya bar tsakiya, mutum ya zama kamar mai leƙe ta bakin tulu. Idan aka kumbura masa rubutu, haruffa kaɗan ne za su shiga ɗan filin da ya rage masa, karatunsa ya ƙara nauyi. Alamarsa ita ce yana iya karanta ƙananan haruffa, amma kullum yana neman kibiya ko farkon layi na gaba. Shi kibiya mai launi da bambancin launi mai ƙarfi za su fi yi masa amfani.

Wannan alama kuma ta wuce gyaran allo. Tabarau na gyara raunin karatu na shekaru, tiyata na cire yana, amma ganin da gilakoma ta ci ba ya dawowa, sai dai a tare abin da ya rage. Saboda haka idan malamin ya ga kowane 'yan watanni sai ya ƙara girman da a da yake isarsa, ko kibiya ta ci gaba da ɓace masa bayan ya girmama ta, lokaci ya yi da zai je a auna masa ƙarfin gani da matsin ido, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ya tafi da lambobin da ya saita da watan da ya sauya kowanne, domin za su nuna wa likita saurin da ganin yake raguwa.