Ramin Kara

Mu 'yan cikin ganuwar Kano dusa da harawa muka sani. Rani na tsananta sai su yi tsada, tumakinmu su rame. Shi ya sa muke binne ɗanyen karan masara a gonarmu ta bayan gari, tun ƙwayar ba ta gama tauri ba. Busasshe ba ya tsumuwa.

Mukan daddatsa shi kamar gaɓar yatsa. In an matse ruwa ya ɗiga, sai ya yi yaushi tukuna. Mu shimfiɗa leda a rami, mu zuba, mu tattake sosai, domin iska ke ruɓar da shi, sannan mu rufe da leda da ƙasa.

Bayan mako 6 muke buɗewa. Mai ƙamshin tsami ya yi; mai baƙi da fumfuna kuwa, zubarwa muke yi.