Abin da Ba A Yankawa

A ƙarshen shekarun 1980 na fara aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kaduna, kuma aikin da aka fi ɗora wa sabon shiga shi ne rage tsawon rahoto. Wakili zai aiko da shafi biyu daga kotu ko daga ma'aikatar lafiya, edita ya ce sakan talatin kawai ya rage a labarun yamma. Mai karanta mana labarai kan cinye layi ɗaya na tafireta a wajen sakan huɗu, don haka sakan talatin na nufin layi bakwai ko takwas, abin da bai wuce kalma saba'in da 'yan kai ba.

Babban editanmu, dattijo ne da ya daɗe yana ɗauko rahoton shari'a, ba ya barin kowa ya soke kalma ko ɗaya sai ya fara zagaye abu uku da fensir: kalmar fannin da labarin ya ratayu a kanta, bayanin da ke fayyace ta, da maganar da aka ɗauko daga bakin wani. Sai a ƙirga layin da waɗannan suka ci, abin da ya saura shi ne rabon sauran labarin. A ƙa'idarsa, waɗannan uku ba a gutsure su. Ko dai su shiga da jikinsu cikakke, ko a fitar da su gaba ɗaya.

Rahoton da ya fi zaunar mini da wannan a kai na wani ma'ajin ƙungiyar gama-kai ne da aka gurfanar a kotun majistare. Wakilinmu ya rubuto kusan kalma ɗari uku. Ya kawo tarihin ƙungiyar, da ranakun da aka yi ta ɗage zama, da cikar da kotu ta yi, har da shewar da dangi suka yi a waje. Duk wannan ya tafi ba tare da gardama ba. Wuraren da fensir ya zagaye ne suka ɗauki lokaci.

Na farko shi ne sunan laifin. Tuhumar cin amana ce, kuma wani abokin aiki ya so a sa sata, don ta fi gajarta, kowa kuma ya san ta. Dattijon ya janyo kundin Final Kod da ke kan teburinsa ya buɗe mana. A wancan kundin, sata tana sashe na 286, ita ce ɗauke dukiya daga hannun mai ita ba da yardarsa ba. Cin amana yana sashe na 311, shi kuwa sai an damƙa wa mutum dukiyar tukuna, sannan ya karkatar da ita. Laifi biyu ne daban, kowanne da abin da ake buƙata a tabbatar. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya ɗora wa mutum tuhumar da ba a karanta masa ba. Tun daga nan na daina neman kalma mai kama da kalmar fanni don gudun maimaici. In ta zo sau uku, sau ukun ita ake faɗa.

Na biyu shi ne hukuncin. Alƙali ya sallami mutumin ne saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidunsu, bai wanke shi ba. Wakilin ya bayyana bambancin, amma a can sakin layi na ƙarshe, inda mai ragewa kan fara sara. Da an sare wurin, da kalmar sallama ta tsaya ita kaɗai, mai sauraro a kasuwa kuma ya ɗauka magana ta ƙare. Wanda kotu ta wanke ba a sake yi masa shari'a kan wannan laifi, ƙa'idar da har yau take a sashe na 36(9) na tsarin mulkin 1999. Wanda aka sallama a kan irin wannan dalili kuwa ana iya dawo da shi gobe. Sai muka ɗauko bayanin daga ƙasa muka manna shi a jikin kalmar. Layi huɗu ya koma layi ɗaya, amma ba mu taɓa sharaɗin da ya raba abu biyun ba. Bayanin ma'ana yana jure matsi, muddin an bar masa gaɓar da ta bambanta shi da maƙwabcinsa.

Na uku shi ne maganar lauyan da ke kare shi, wadda wakilin ya naɗo a kaset: "Za mu nemi a mayar da shi bakin aikinsa, idan har ba a sabunta ƙarar ba." A lokacin, in za a sa murya, kan babban faifan tef ake juye ta, a sa alama da farin fensir, a yanka da reza, a liƙe. Tef ɗin yana tafiyar inci bakwai da rabi a sakan ɗaya, saboda haka rabin maganar na biyu bai wuce tsawon kamu ɗaya da ɗan ƙari ba. Na ce, "Yallaɓai, in aka tsaya a bakin aikinsa, an samu sakan uku." Ya ce in yanka a zuciyata in saurara. Muryar lauyan a wurin ba ta sauka ba, kunne yana jin da sauran zance. Abin da ya fi wannan, maganar da ya gindaya wa sharaɗi za ta koma alkawari. Daga ranar nake tsayawa a kan idan, sai dai, amma, da ba ta ƙarshen jimla, domin a nan mai magana kan ajiye kariyarsa.

Da yake ba wurin sa muryar duka, sai muka mayar da ita zancen ba da labari. Nan ma da ƙa'ida. A rediyo ba a ganin alamar zance, in mai karatu ya ce za mu nemi, sai a zaci gidan rediyon ne zai nema. Dole mu ya koma su, a kuma fara da sunan mai maganar kafin maganar. Kalaman alƙali kuwa da Turanci ya yi su, fassararmu ba lafazinsa ba ce, don haka ba mu gabatar da su a matsayin abin da ya fito daga bakinsa kai tsaye ba. Ga abin da aka karanta:

Kotun majistare ta sallami wani ma'ajin ƙungiyar gama-kai da ake tuhuma da cin amana, wato karkatar da kuɗin da aka damƙa masa. Alƙalin ya ce masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidunsu. Sallamar ba wankewa ba ce, ana iya sake gurfanar da shi. Lauyansa ya ce za su nemi a mayar da shi bakin aikinsa, idan har ba a sabunta ƙarar ba.

Kafin a kai takardar situdiyo, sai a kira masinja ko direba, wanda bai ga dogon rahoton ba, a karanta masa sau ɗaya, a tambaye shi: da me ake tuhumar mutumin, ya kuɓuta ko da saura, wa ya ce me. In amsarsa ta saɓa da ta wanda ya karanta shafi biyun, an yanke abin da bai kamata ba.

Akwai ranakun da lissafin ba ya fita, abin da aka zagaye shi kaɗai ya zarce lokacin da aka bayar. A irin wannan rana dattijon kan fara jefar da maganar baki, domin ita ce labari ke iya rayuwa ba tare da ita ba. In har yanzu bai shiga ba, sai ya cire labarin ɗungurungum, ya ajiye shi sai labarun safe.